Muryar Anti a zauren marubuta: janye littafi kafin sa hannu

Tambayar da wani ɗan zaure ya turo daga Marwa:

"Salamu alaikum. Anti, na tura rubutun littafina wani kamfanin ɗab'i a Yawunde tun bayan ƙaramar sallah. Sun ce suna so, sun turo kwantiragi, ban sa hannu ba. Sharuɗɗan ba su kwanta mini ba, ga shi wani kamfani a Kano ya nuna sha'awa. Editan nasu dattijo ne, mutumin Ngaundere, har ya gyara mini babi uku. Yaya zan janye ba tare da mun ɓata ba?"

Ga amsar da ta bayar daga Garwa. An rubuta ta saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Murya ta farko

Wa alaikumus salam ƙanena, ya gida, ya zafi? To, ka fara kwantar da hankalinka, littafin naka ne har yanzu. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, ta bar wa marubuci ikon yanke ko aikinsa zai fita ga jama'a ko ba zai fita ba, kuma miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Tura rubutu a karanta ba sayarwa ba ne. Saboda haka ba alfarma za ka nema ba, sanarwa za ka yi, amma cikin ladabi.

Sai dai kafin ka buɗe baki, yau da daddare ka zauna ka bi duk saƙonnin da kuka yi da su, imel da na waya, tun daga na farko. Abin da kake nema shi ne ko akwai inda ka riga ka ce ka amince. Da yawa daga cikinmu murna ke kwasar mu ranar da kwantiragi ya iso, mutum bai ko karanta shafi na biyu ba sai ya buga `Bon pour accord` ya tura. Idan ka sami irin wannan a saƙonninka, maganar ba ta zama "ai ban sa hannu ba" kawai ba, domin suna iya kafa hujja da shi. Haka idan sun taɓa turo maka kuɗin kafin alƙalami ta waya, ko da jaka goma ce, ka karɓa. A waɗannan biyun, ka nuna wa lauya saƙonnin kafin ka rubuta komai, kuɗin kuma ka tanade su don mayarwa. In kuwa iyakar abin da ka ce shi ne "na gani, zan duba", hanyarka a buɗe take.

Sannan ka tambayi kanka gaskiya: janyewa kake so, ko so kake a gyara sharuɗɗan? Wasiƙun biyu ba ɗaya ba ne. Idan abin da ya dame ka shi ne sun haɗa haƙƙin fassara da na fim sun riƙe, ko ba su sa wa'adi ba, wannan ana zama a kansa, kuma sau da yawa kamfani yakan sassauta. Amma kada ka yi barazanar janyewa don a ƙara maka. Edita mai hankali "Allah ya ba da sa'a" kawai zai ce maka, ka rasa bakin dawowa. Mutanen Kano ɗin ma, sha'awa da baki suka nuna ko sun rubuto? Idan dominsu kaɗai za ka fita, jira ka ga takarda. Idan kuwa ko babu su ba za ka sa hannu a wannan kwantiragin ba, to kada ka ƙara ko mako guda.

Murya ta biyu

Yi haƙuri, kira ne ya shigo ya katse ni.

Abin da ya sa na ce kada ka ƙara mako: yawanci ba janyewar ce ke ɓata zumunci ba, jinkirin ne. Mutumin nan ya gama babi uku, ƙila yanzu haka yana kan na huɗu da jan alƙalami, ƙila ya riga ya ba mai zane aikin bango. Duk ranar da ka yi shiru alhali ka san ka fasa, kuɗinsu da lokacinsu ke tafiya. Ko a doka, ba a hana mutum fasa ciniki ba, amma wanda ya bar abokin cinikinsa yana kashe kuɗi bayan ya yanke shawara a ransa, ana iya neman diyya a kansa. Mafi muni kuma editan ya ji a bakin wani, ko ya ga hoton bangon littafinka a shafin wani kamfani. Wannan kam ba ya gyaruwa.

Tunda dattijo ne, kira za ka fara yi, ba saƙo ba. Kafin kiran, layi ɗaya kawai za ka tura masa: "Baba, yaushe zan same ka a natse, akwai maganar littafi." Idan ka kira, ku gaisa sosai yadda aka saba, amma kada gaisuwar ta cinye maganar. Ka ce, "Baba, na yi shawara, na yanke zan janye littafin nan. Na ga bai kamata ka gani a rubuce ba tare da ka ji daga bakina ba." Sai ka yi shiru. Ka bar shi ya yi magana, ko faɗa ne ka shanye. Nan ne mutanenmu ke zamewa: kunya ta kama mutum, sai ya ce "a ɗan dakata tukuna", ko "zan sake tunani". Shi kuma ya ɗauka littafi na nan, ya ci gaba da aiki. Kamar neman aure ne, in an fasa a ce an fasa, kada a bar gidan yarinya suna tara kayan ɗaki.

A ranar, kafin ka kwanta, ka bi kiran da imel. Kira na girmamawa ne, imel ɗin shi ne shaida. Ka tura wa editan, ka saka adireshin kamfanin wanda ka fara tura rubutun ta cikinsa, domin in ya bar aiki gobe, takardar tana nan. A kan saƙon ka rubuta `Retrait de manuscrit` da sunan littafin. Cikin kuwa bari in karanto maka, ka ɗauki biro. In da Faransanci kuka saba rubutu, ka juya shi yadda yake:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kamar yadda muka yi magana yau ta waya, ina sanar da ku cewa na janye rubutun littafina mai suna kaza, wanda na turo muku ranar kaza ga watan kaza. Ba zan sa hannu a kwantiragin da kuka turo ba, kuma ina roƙon a dakatar da duk wani aiki a kansa daga yau. Na gode da karatun da kuka yi masa, musamman shawarar da aka ba ni a babi na biyu. Idan akwai abin da kuka kashe a kan gyaran, ku sanar da ni mu daidaita. Ina roƙon ku amsa mini a rubuce cewa saƙon ya iso, kuma ba za a yi amfani da rubutun ba. Ina fatan Allah ya haɗa mu a wani aikin."

Ka ga bai kai shafi ba. Godiyar nan ka ambaci abu takamaimai wanda ya yi maka da gaske, ko wata jimla da ya warware, ko wani tauraro da ya ce ka rage masa surutu. Edita ya san godiyar da aka kwafo.

Murya ta uku

Ka lura ban sa dalili a wasiƙar ba, da gangan ne. Duk dalilin da ka rubuta ƙofa ce ka buɗe. Ka ce kason marubuci ya yi kaɗan, su ce sun ƙara, ka koma neman wani dalilin. Idan ya tambaye ka a waya, jimla ɗaya ta isa: "Baba, sharuɗɗan ba su dace da abin da nake so wa littafin ba." In ya ce wani kamfani ne? Ka ce e, akwai inda nake magana da su. Ba dole ka faɗi suna ba, amma kada ka yi ƙarya ka ce rashin lafiya ce ko iyali sun hana. Littafi ba ya ɓuya, wata rana zai gan shi.

Yanzu maganar babi ukun nan, don ita ce mai nauyi. A ce shafi 40 ne, kuma a ce ya gaya maka suna biyan mai gyara sefa 500 kowane shafi. Jaka ashirin ke nan, 20,000. Misali nake ba ka, shi zai faɗi nasa lissafin. Tunda babu kwantiragi, ƙila ba bashi ba ne da za a bi ka a kotu, amma ni a ganina ka yi tayin biya da kanka. Dattijo irin wannan zai iya cewa bar shi, amma ba zai manta ka tambaya ba. In ya karɓa, ka tura, ka ajiye shaidar turawar, ka nemi ya rubuta maka cewa babu sauran komai tsakaninku. Idan aka kawo maka lissafin da ya fi ƙarfin aikin, ka nemi a rarrabe maka shi, nawa na gyara, nawa na bango, ka biya abin da ka ga an yi da idonka.

Ko ka biya ko ba ka biya ba, ka tambaye shi ƙarara ko za ka iya amfani da gyaran. In bai ce e ba, koma kan fayil ɗinka na asali, wanda ka tura tun farko, shi za ka kai Kano. Shawara irin ta "babin nan ya yi tsawo" ta riga ta shiga kanka, babu mai cire ta, ka sake rubutawa da hannunka. Amma jimlolin da ya sake gina maka, kada ka kwashe su a ɓoye. Zanen bango, in an yi, ba naka ba ne. Lambar ISBN ma, wato lambar shaidar littafi, in sun riga sun ware, ta kamfaninsu ce, ba ta bin littafi zuwa wani gida, sabon kamfani zai ba ka tasa.

In kwafin takarda ka aika musu, kada ka ce lallai su dawo da shi da kuɗinsu. Ko ka biya kuɗin mota su ba wa ajans ya kawo maka Marwa, ko ka ce su lalata shi.

Idan kwana goma suka wuce ba amsa, ka sake turawa a kan saƙon farko, layi biyu, ba zafi. In har yanzu shiru, ka buga wasiƙar kwafi biyu, ka ba wani naka a Yawunde ya kai ofishinsu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kwafi ɗaya ya dawo maka da shi. Sai hatimin nan ko amsarsu ta shigo hannunka sannan ka sa hannu da mutanen Kano, kuma ka gaya musu cewa rubutun ya taɓa zama a wani kamfani, ga shaidar janyewa.

Sauran 'yan zaure kuma don Allah kada wani ya tambaye shi sunan kamfanin a nan. Kai ma ƙanena kada ka saka hoton kwantiragin, a zauren nan akwai waɗanda ke wasu zauruka tare da editan. In kana so in duba wasiƙar kafin ka tura, turo mini ta gefe bayan isha'i.