Kuran ɗina ya fito da mwen, ina kuskuren?

Tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗan lise ne a Tahoua, munka fara dokokin Kirchhoff amma alamun pilis da mwen sun rikita ni. In na yi lissafi sai kuran ɗaya ya fito da mwen, in juya kibiya in sake, sai komi ya watse. Don Allah mi nike ɓatawa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan mwen ɗin da ke ba ka tsoro ba kuskure ba ne, amsa ce. Inda kake ɓatawa shi ne juya kibiyar nan da kake yi a tsakiyar lissafi. Ni aikin haɗa sola nike nan Tahoua, da dare kuma ina taimaka ma yaran unguwa masu shirin bak, kuma kusan duk wanda ya zauna gabana nan shike tuntuɓe.

Gustav Kirchhoff ya fitar da dokokin nan biyu a 1845 shina ɗalibi a Königsberg, kuma dukansu magana guda suke yi, abu ba ya ɓata ba ya kuma fitowa daga babu. Ta farko ita ce ta mahaɗa, wurin da waya uku ko fiye sunka haɗu. Kuran ai cajin lantarki ne ke gudana, ampe 1 na nufin kulom 1 na wucewa cikin sakan 1, kuma mahaɗa ba randa ba ce balle ta tara, don haka abin da ya shiga shi za ya fita. Kamar tiyon pampo ne da ya rabu biyu, in lita 10 ta shigo ɗaya ya ɗauki 6, ba sai ka auna ɗayan ba.

Ta biyu ta zagaye ce, ita kuma ƙarfi take kiyayewa. Bolti 1 shi ne jul 1 ga kowane kulom. Batir na ba caji ƙarfi, rezistans na karɓewa ta maida shi zafi. Ka ɗauka ka fito ƙofar gida ka hau dutsi irin namu na Adar ka gangara ta wata hanya har ka dawo ƙofar gidan, duk yadda ka yi kwana-kwana hawan da ka yi daidai shike da gangarar, in ba haka ba da ba ka dawo inda ka tashi ba. Shi ya sa jimlar tansiyo a zagaye take sifiri.

To ga yadda nike koyar da alamun. Ka zana ma kowane reshe kibiyar kuran ta inda ranka ya so, zato ne kawai, amma in ka zana ka zana ke nan, kar ka sake taɓa ta har ka gama. Sai ka aza yatsa kan zanen ka bi zagayen. In ka ratsa batir daga mwen zuwa pilis hawa ka yi, rubuta +E, in daga pilis zuwa mwen ne −E, kuma nan babu ruwanka da kibiyar kuran sam, ƙafafun batir kaɗai kake dubi. In ka ratsa rezistans kana bin kibiya gangara ce, −RI, in kana fuskantar kibiyar +RI. Abin da malaminku ke nufi ke nan in ya zana kibiyar tansiyo tana kishiyantar ta kuran a bisa rezistans, kan kibiyar tansiyo na nuna gefen da ya fi tudu, wato ta inda kuran ya shigo.

Mu gwada. Batir biyu an haɗa su pilis da pilis, mwen da mwen. Na farko bolti 12, na biyu ya gaji, saura bolti 9, kowane da rezistans ta om 1 a reshensa, sannan ga kaya na om 10 tsakanin mahaɗar sama A da ta ƙasa B. Na zata duka biyun suna ba da wuta, sai na zana I1 da I2 suna hawa zuwa A, I3 na sauka ta kayan. Kowane zagaye na fara daga B in hau ta batir in sauko ta kayan:

```
I1 + I2 = I3
12 − 1·I1 − 10·I3 = 0
9 − 1·I2 − 10·I3 = 0
```

Sa I1 + I2 a madadin I3, za ka samu 11·I1 + 10·I2 = 12 da 10·I1 + 11·I2 = 9. Ɗebe ta biyu daga ta farko, I1 − I2 = 3, wato I1 = I2 + 3. Maida ta cikin ta farko, 21·I2 + 33 = 12, sai I2 = −1. Daga nan I1 = 2, I3 = 1.

Ga mwen ɗinka ya fito. Abin da shike gaya maka shi ne ampe 1 ɗin shiga batir na biyu shike yi ba fita ba, babban batir na cajin ƙaramin. Ka bar kibiyar yadda take, ka rubuta −1 A, ka ƙara layi guda ka ce ainihin kuran kishiyar kibiya shike bi. In ka juya kibiya bayan ka rubuta layin farko, alamar I2 ta canza a wani layi ba ta canza a wani ba, layukan sun daina maganar zane guda, shi ya sa komi ke watse maka.

Kuma wanga ba abin takarda ba ne kawai. Na taɓa zuwa wani gida inda anka haɗa sabon batir da tsohon da ya lalace don wai wuta ta daɗe, mai gidan na ƙorafin sabon ba shi kai tsakar dare. Ko da munka kashe fitilu duka, da na auna sai ga kuran na tafiya daga sabon zuwa tsohon, tsohon har ya ɗau ɗumi. Batir na gaske rezistans ɗinsa na ciki ba ta kusa da om 1 ba, ƙarama ce ƙwarai, don haka ɗan bambancin tansiyo na iya tura kuran mai yawa, kar ka gwada da batirin mota ko na sola. Na'urar awo ma haka take da alama, in ta nuna mwen jar waya da baƙa ne ka aza a juye, lambar daidai take.

Yadda za ka gane ko ka yi daidai kafin malam ya duba, ka bi zagayen da ba ka yi amfani da shi ba, na waje: daga B ka hau ta batir na farko ka sauko ta na biyu. Hawa +12, gangara −2, sai ka fuskanci kibiyar I2 don haka +1 sau −1 wanda shi ne −1, sai batir daga pilis zuwa mwen −9. Ka tara, sifiri. Amma kar ka sa wanga zagayen cikin layukan lissafi a matsayin sabo, daga waɗancan biyun ya fito, in ka dogara da shi 0 = 0 za ka tarar. Haka mahaɗar B, maimaicin A ce.

Awon da na fi so shi ne na wat, don shi ke kama kuskuren alama ko da ka maimaita shi ko'ina. Babban batir ya ba da 12 sau 2, wat 24. Kayan sun ci 10, rezistans ta farko 4, ta biyu 1, ƙaramin batir ya sha 9. Wat 24 cif.

Iyaka guda da ya kamata ka sani, dokar zagaye a yadda munka rubuta ta tana aiki ne in babu maganaɗisu mai canzawa da ke ratsa zagayen. In akwai, kamar cikin taransifo ko dinamo, sai ka lissafa tansiyon da shike haifarwa kamar wani batir, za ku iske shi gaba. Yanzu dai ka canza 9 ɗin zuwa 12 ka sake lissafin da kibiyoyin nan, ka turo mini abin da I2 ya zama.