Yara da Kallon Waya: Likita Ya Amsa

"Likita, ɗana mai wata 14 ba ya cin abinci sai na kunna masa katun a waya. Akwai illa?" Wata uwa, Tudun Wada.

'Yar'uwa, akwai. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaron da bai cika shekara 2 ba, ba a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. A wannan lokacin daga bakinki yake ɗaukar magana: ya yi gwaranci, ki amsa, ya kalli leɓenki ya maimaita. Katun kuwa ba ya jiran amsarsa. Sannan yaron da idonsa ke kan waya haɗiya kawai yake yi, ba ya gane ya ƙoshi.

Ki fara da kokon safe, lokacin da yunwa ta fi cinsa. Ki ɓoye wayar inda ba zai hango ba, ki zaunar da shi a tabarma cikin yayyensa, ki ba shi nasa cokalin ko da zai yi kaca-kaca. Zai yi rigima kwana biyu ko uku, kada ki karaya. Kiran bidiyo da babansa idan ya yi tafiya, wannan hira ce, ban hana ba. Amma in ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, irin "Mama zo", ko kuma tun yanzu ana kiran sunansa ba ya waiwaye, ki kai shi asibiti a duba jinsa.

"Jikata shekararta 3, da an kawo wuta sai talabijin." Wata kaka, Ƙofar Doka.

Hajiya, daga shekara 2 zuwa 4 kada kallo ya wuce awa 1 a yini, kuma ki zauna da ita kina tambayarta abin da ta gani. Abin da take buƙata shi ne awa 3 na motsa jiki, a rarrabe. Wasan ƙasa da guje-guje a tsakar gida duk suna cikin lissafi. Dauɗa dai wanka ne maganinta.

"Yarona ɗan shekara 10, awa nawa zan ƙayyade masa?" Wani magidanci, Samaru.

Malam, a nan ƙirgen awa ya rage amfani, sai a duba me wayar ta ture. Yana samun barcin awa 9 zuwa 12? Yana yin aƙalla awa 1 na wasan da ke sa gumi, ƙwallo ko langa ko keke? Aikin boko da haddar Islamiyya suna tafiya? In yana gyangyaɗi a aji, to wayar na kwana a ƙarƙashin filo. A karɓe ta awa 1 kafin kwanciya, a sa caji a ɗakinka. Taka ma ka ajiye lokacin cin tuwo, yana kallonka.