Wai an turo mini kuɗi bisa kuskure, shin in mayar?

Tambaya: "Ni wakilin tura kuɗi ta waya ne. Saƙo ya shigo cewa an saka mini dubu hamsin, sai wani ya bugo yana roƙo wai kuskure ya yi, in tura masa ta wata lambar. In tura?"

Kada ka tura, ɗan'uwa, sai ka duba ragowar kuɗinka a cikin manhajar kamfanin. Sau da yawa saƙon na jabu ne, daga lambar waya aka rubuto shi da kwaikwayon na kamfani. Idan ragowar ba ta ƙaru da dubu hamsin ba, babu abin da ya shigo.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne idan kuɗin sun shigo da gaske. Ɗan damfara yakan turo su daga asusun da ya yi wa kutse, ya sa ka tura masa daga aljihunka zuwa wata lambar, sannan mai asusun ya kai ƙara, kamfani ya janye dubu hamsin ɗin ko ya rufe asusunka, alhali naka sun riga sun tafi. Neman a mayar ta lambar da ba ita ta turo ba babbar alamar damfara ce, haka ma gaggawa da magiya.

Ka bar kuɗin inda suke, ka ce masa ya kai wa kamfanin lambar cinikin domin su mayar da kansu, kai ma ka sanar da su ta layin wakilai da ka sani. Duk wanda ya bugo yana cewa shi ma'aikacin kamfanin ne, kada ka ba shi lambar sirrinka.