Allo Ya Yi Baƙi Bayan Na Haɗa Sifilita: Me Zan Canza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a Mabera. Na sayi sifilita mai baki huɗu domin dikoda ɗaya ta ba talabijin uku da tsohon majigi hoto, sai allo ya yi baƙi ya rubuta "HDCP error". Sifilitar zan canza ko wayoyin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka fitar da ko sisi tukuna. HDCP kulle ne da kamfanin Intel ya ƙirƙiro domin hana kwafar bidiyo a kan hanyarsa zuwa allo. Kafin dikoda ta saki hoto, sai kowace na'ura da ke ƙarshen waya ta nuna mata mabuɗinta, kuma sifilita ce ke tattara amsoshin ta kai mata. Idan ɗaya ta kasa, wasu sifilitocin bakinta kaɗai suke rufewa, wasu kuwa laifin ɗaya yakan shafi kowa.

Majigin nan nake zargi. Idan bakinsa mai launin shuɗi ne mai ramuka 15, wato VGA, to wannan hanya ba ta san HDCP ba sam, kuma ƙaramar mahaɗar da ke juya HDMI zuwa VGA sau da yawa ita ke jawo wannan rubutu.

Ka kashe komai daga soket, ka haɗa dikoda da talabijin ɗaya kai tsaye da gajeriyar waya. Idan hoto ya fito, ka shigar da sifilita tsakaninsu, sannan ka riƙa ƙara na'urorin ɗaya bayan ɗaya, majigi a ƙarshe. Kowane karo ka fara kunna talabijin, sai sifilita, dikoda ta zo daga baya, domin ta tarar da kowa a farke. Wannan tsari ka koya wa yaron da ke tayar da janareta. Na'urar da hoto ya ɗauke bayan shigarta ita ce mai laifi, ko kuma wayarta.

Waya kuma ba ta da mabuɗi, saƙo kawai take ɗauka, amma lalatacciya tana iya jawo wannan rubutu, ko da yake ciwonta ya fi zuwa da alama dabam: hoto ya zo ya ɗauke, ko fararen ɗigo su riƙa walƙiya, musamman idan ta haura mita 10 ko ƙurar hunturu ta cika bakinta. Idan laifin waya ne kaɗai za ka sayi sabuwa, mai rubutun "High Speed".

Idan sifilitar ce ta faɗi da talabijin ɗaya tak, ka nemi mai cajarta ta wuta, wadda aka rubuta HDCP 1.4 a kwalinta, domin ya isa hoton 1080p. Sai mai kallon 4K ne ke buƙatar 2.2. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka gwada ta da dikodarka kafin ciniki ya faɗa. Majigin kuwa, in shi ne, mai bakin HDMI za ka nema.