Imel na rakiyar CV

“Na maƙala CV ɗina, to me kuma zan rubuta a imel ɗin?”

Ɗan'uwa, ɗauko buƙata ɗaya daga sanarwar aikin ka amsa ta. In sun ce suna neman akanta mai daidaita lissafin banki, CV ya riga ya ce ka yi shekara 3 a kamfani. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda ka gano an biya dillali ɗaya sau biyu, har kuɗin suka dawo. Wannan za ka rubuta, layi uku.

Sa sunan muƙamin a kan imel ɗin, ka faɗi ranar da za ka iya fara aiki. Makarantun da ka yi kuwa, bar su can a CV. In kowane kamfani zai iya karɓar imel ɗin yadda yake, sake rubutawa.