Kod na tauraro da manhajar banki: amsar da aka bayar a zauren 'yan unguwa

(An kwafo muryoyin biyu a rubuce saboda waɗanda ba su samu saurare ba.)

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ɗana, kai da kake aikin turakun sabis, ka warware min wanga abu. A kasuwar Achida manhajar banki ta ƙi buɗewa, sai juyi take, amma da na danna kod kuɗi suka tafi. Jiya kuma a Mabera, sabis cike, kod ɗin ya yanke bayan na sa lambar sirri, aka cire min dubu 18. Mi ke faruwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam Kawu, ina wuni, ya gajiyar kasuwa? To, bari in bi maka shi a hankali.

Wayarka hanya biyu gare ta zuwa turken sabis. Akwai 'yar siririyar hanya wadda waya da turke ke gaisawa a kanta. Ta nan waya ke cewa ga ni nan, ta nan ake shirya kira kafin ya fara ƙara, ta nan tes ke bi. Sannan akwai babbar hanya ta kaya, ita ce data. Kod ɗin nan da ke farawa da tauraro ya ƙare da #, wanda ake rubutawa USSD, siririyar yake bi. Shi ya sa ba ruwanshi da data, ko 'yar rakani-kashi tana yinshi.

Da ka danna, turke zai ware maka ɗan gurbi, ya miƙa saƙon ga babbar na'urar haɗa kira ta kamfanin layi. Ita kuma ta tura shi inda rajistar layinka take, daga can a miƙa shi ga ƙofar da ke kula da kod-kod, ƙofar ta duba lambar ta ga ta wane banki ce, ta kai mishi. Abin da nake so ka riƙe, Kawu: wagga hanya buɗe take tun daga wayarka har banki, ba a sakinta sai kun gama. Kamar kira ne, illa dai rubutu kuke yi maimakon magana. Kuma kowane shafi da ke fito maka bai wuce harafi 182 ba, abu ne ɗan mitsitsi.

Manhaja ba haka take ba. Ita sai ta fara neman adireshin na'urar banki a intanet, su yi musayar makulli don su rufe zancensu, ta tabbatar kai ne, sannan ta jawo shafi. Kowane ɗaya zuwa ne da dawowa, kuma komai a ƙunshi-ƙunshi yake tafiya, kamar ka raba buhun gero a leda-leda ka ba 'yan kabu-kabu daban-daban. Ledar da ta ɓace sai a sake aiko ta. A Achida ranar kasuwa, jama'a sun taru kan turke guda suna rabon data, ko kuma wayarka ta sauka kan E, wato 2G. Ledojin na isa, amma a makare, har manhaja ta gaji da jira. Juyin da ka gani ke nan. Shi kuwa kod, 'yan haruffa ne, ya samu gurbinshi ya wuce.

Yanzu na Mabera. Sandunan sabis da ke saman waya ƙarfin muryar turke kawai suke nuna maka, ba su gaya maka ko akwai gurbi, balle lafiyar na'urar banki. Kuma ga wani abu, ka gwada yau ka gani: wayarka na kan 4G, ka danna *310# na duba kati, ka sa ido a sama. A wayoyi da yawa za ka ga 4G ta koma H ko E na ɗan lokaci. Dalili, 4G hanyar data ce zalla, don haka sai waya ta sauka 3G ko 2G ta yi kod ɗin sannan ta hau. A 2G kuwa gurabun nan ƙididdigaggu ne, ana yanka kowane zangon rediyo na turke kashi 8, kuma masu kira da masu tes duk nan suke layi. Da yamma in gari ya ɗauki kira, sai ka ga Connection problem or invalid MMI code alhali sanduna cike.

Sannan akwai agogo. In ka daɗe ba ka amsa shafi ba, wajen daƙiƙa 20 zuwa 30, ko banki ya daɗe bai amso ba, sai a katse layin don a ba wani gurbin. Mu nan muna da laifi, sai mutum ya danna kod sannan ya fara laluben takardar da lambar asusu take a aljihu.

To mu ɗauki dubu 18 ɗinka. Ka danna kod, ka zaɓi turawa, ka sa lambar asusu, suna ya fito, ka sa lambar sirri. Duk yankewar da ta faru kafin lambar sirri ta isa banki, ko kwabo ba ya motsi. Amma da ta isa, aikin ya bar hannun kamfanin layi. Banki ya cire kuɗin, ya miƙa su ta NIBSS, wadda ke haɗa bankunan Najeriya, yana jiran wancan bankin ya ce ya karɓa. In jiran ya wuce agogo, layin ya mutu, amsar “an tura” ba ta da hanyar dawo maka. Wayarka ta nuna kuskure, kuɗi kuwa sun yi gaba, ko suna rataye a tsakani. Manhaja ta fi nan: ko sabis ya ɗauke, in ya dawo za ta sake tambayar banki inda aka kwana. Kod ba ya tuna komai, in ya mutu ya mutu.

Saboda haka kada ka sake turawa nan take, nan ne mutane ke biya sau biyu. Ka kira mai karɓa ya duba asusunshi, ba alat ba, don alat tes ne, yana iya makara. Kai ma ka duba naka. In an cire bai shiga ba, ka ba shi kwana guda, sau da yawa suna dawowa da kansu. In shiru, ka buɗe manhaja ko ka je banki ka nemi Session ID na turawar, lamba ce mai guda 30, da ita ake bin sawun kuɗin.

Af, na manta. Tun 2025 kuɗin amfani da kod, naira 6.98, daga katin waya ake cirewa, kowane daƙiƙa 120. In layinka ba kati, kod na iya ƙi tun daga farko, ba laifin turke ba ne.

Na ƙarshe, batun tsaro. Banki na gane ka ne da lambar layin da kamfani ya miƙa mishi, sai lambar sirri. Manhaja kulle take tun daga waya har banki, shi kuwa kod tsakanin waya da turke ne ake rufe shi. Ni a ganina, cinikin albasa buhu ɗaya ko biyu a ƙauye, kod ya wadatar, amma kuɗin shanu ko raguna ka bari sai ka samu data mai kyau. Kuma ranar da waya ta ɓace, ko layinka ya mutu haka kawai ba dalili, ka rufe asusu kafin ka je neman sabon sim.

Ka turo min hoton alat ɗin jiya ta gefe, Kawu, kada ka sa a zaure, in duba lokacin da aka cire. A gaida Inna.