Inbois na dala: da wane farashi zan mayar da shi naira?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi odar fitilun sola guda 400 daga Guwanzu ta ƙasar Sin, kowace ɗaya dala 30, inbois ya kama dala 12,000. Na ba da kafin alƙalami dala 3,600 wata biyu da suka wuce, na saya wajen ɗan canji a 1,520. Yanzu za a biya ciko. Banki sun ce 1,500, 'yan canji sun ce 1,560. Da wanne zan yi lissafin uwar kuɗina? Shagona yana Alaba."

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah Ya sa albarka a kasuwa. Farashin da za ka rubuta a littafinka shi ne wanda nairarka ta fita a kansa da gaske, ko ta banki ta fita ko ta hannun ɗan canji. Wanda aka faɗa maka a baki, ko ka gani a waya, bai zama naka ba sai ranar da aka cire kuɗin.

Na koyi wannan ne da asara. A farkon 2023 na yi odar kaya na dala 10,000, lokacin farashin hukuma yana wajen 460, a kasuwar bayan fage kuma wajen 750. Na kai takarduna wani banki, jami'in ya ce in kwantar da hankali. Sai na buga lissafi a kan naira miliyan 4.6, na yanka wa abokan cinikina biyu na Agege farashi a kan haka, har na karɓi rabin kuɗinsu. Wata biyu ina sintiri, kullum maganar ɗaya ce, ba a samu ba tukuna. Mai kaya ya aiko cewa zai sayar wa wani. Dole na nufi 'yan canji, kayan suka tsaya mini miliyan 7.5. Na cika wa mutanen nan alkawari don magana ta riga ta fita, amma tazarar miliyan 2.9 ɗin daga jarina ta fita. Har yau ina tuna zaman da na yi a mota a bakin bankin, da kalkuleta a hannu, ina sake bugawa ko lamba za ta canza.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya haɗe hanyoyin canji a watan Yunin 2023, wannan babbar tazara ta ragu sosai, shi ya sa kake ganin naira 60 kacal tsakaninsu. To amma kafin ka ɗauki 1,500 ɗin nan, ka tambayi kanka ko ƙofar bankin a buɗe take gare ka. Banki ba ya sayar da dalar shigo da kaya sai da takardu, kuma uwarsu ita ce Form M, wadda ake buɗewa kafin a loda kaya a jirgi. Ita ma iri biyu ce: akwai wadda aka buɗe da nufin banki ya samo maka dala, akwai wadda ka nuna cewa da kanka za ka nemo. Idan ta biyun ka buɗe, ko kuma kayanka a kwantenar haɗaka suke ƙarƙashin takardun kamfanin dako, to ka cire 1,500 daga ranka. Tunda kafin alƙalaminka ta hannun ɗan canji ya bi, ka je ka zauna da jami'in asusunka ka ji ko za su yarda su biya cikon, kuma ya faɗa maka abu biyu a rubuce: nawa za a cire gaba ɗaya har da cajinsu, sannan kwana nawa kafin kuɗi su sauka. Farashin da zai yi aiki kuwa na ranar da suka sayar maka ne, na yau na iya wucewa.

Yanzu mu buga naka. Kafin alƙalami ya riga ya wuce, dala 3,600 sau 1,520, wato naira 5,472,000. Wannan lambar ba ta sake motsi ko dala ta koma nawa. Ciko dala 8,400 ne. Ta hannun ɗan canji a 1,560 zai kama 13,104,000, jimla 18,576,000. Ka raba da 12,000, dalarka ta tsaya a 1,548, kowace fitila kuma 46,440. Idan banki ya biya a 1,500, ciko 12,600,000 ne. Mu ƙaddara cajinsu da kuɗin turawa 120,000, kai za ka sa ainihin abin da suka faɗa maka. Jimla 18,192,000, dala ta tsaya a 1,516, fitila 45,480.

Kuskuren da na fi gani a kasuwa shi ne mutum ya ɗauki inbois gaba ɗaya ya ninka da farashin banki, ya rubuta miliyan 18, alhali ɗan canji ya biya. A naka lissafin, naira 576,000 ke nan ta ɓace daga littafi, kana ganinta a matsayin riba. Ba ka farga sai ranar da ka tashi sabuwar oda, ka sayar da kaya tas, kuɗin hannunka kuma ya kasa sayen fitila 400.

Bambancin hanyoyin biyu a nan 384,000 ne, kuɗi ne mai kauri, ni ma ba zan bar shi a banza ba. Sai dai ka auna shi da lokaci. Idan mai kaya ya riƙe takardar jirgi sai an cika masa, kaya suka iso tashar jirgin ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a Legas suna jira, kuɗin daɗewa na kamfanin jirgi da na tasha kullum ƙaruwa yake, yana iya cinye ragin nan. Idan kuwa kaya ba su bar masana'anta ba, kana da sararin jiran banki.

In ta ɗan canji za ka bi, ka tabbata 1,560 ɗin farashin turawa ne zuwa asusun mai kaya, domin na tsabar takarda a hannu daban yake. Ka kuma ce masa dala 8,400 cif kake so ta sauka can, saboda bankunan da ke tsakani sukan yanki 'yan daloli, mai kaya ya ce saura kaza. Ni ba na ɗaukar hoton shaidar turawa a matsayin an biya. Sai mai kaya ya ce kuɗi sun shiga asusunsa nake rufe magana, kuma mutumin da ban taɓa hulɗa da shi ba, da kaɗan nake fara gwada shi.

Kwastam nasu farashin daban ne, kada ka haɗa. Suna mayar da ƙimar kaya, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, zuwa naira da farashin da ke kan na'urarsu, wanda yake bin na hukuma, ba ruwansu da inda ka sayi dalarka. Abin da ejen mai fito maka da kaya daga tasha ya biya a naira sai ka ɗora a kan uwar kuɗi, tare da kuɗin mota zuwa Alaba da na 'yan dako.

Ranar da za ka yanka farashin sayarwa kuma, ka sake tambayar dala. A watan Fabrairun 2024 ta haura 1,800 a bayan fage, zuwa Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,200, duk wanda ke da kaya a lokacin ya ji a jikinsa. Idan kayanka suka iso dala tana 1,600, mayar da fitila ɗaya zai ci 48,000 tun kafin kwastam, don haka daga nan za ka fara ɗora riba. Idan ta sauko 1,450, maƙwabcinka da ya yi oda bayanka zai samu a 43,500, kai ma sai ka rage riba ka saki kaya da wuri, amma 46,440 ko 45,480 ɗinka na nan a littafi, da shi za ka san nawa ka samu ko nawa ka rasa a wannan zuwan.